Gwiwar layin buƙata da giɓin da ke ƙarƙashinta: me ke hana kuɗin mota motsi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin tattalin arziki ne a Marwa. An koya mana zanen Sweezy na layin buƙata mai gwiwa, an ce shi ke bayyana dalilin da farashi ke daskarewa a kasuwar da kamfanoni ƙalilan suka riƙe. Gwiwar na gane ta. Abin da ya shige mini duhu shi ne layin ƙarin kuɗin shiga da ke yankewa ya bar giɓi a tsaye. Daga ina giɓin ya fito, yaya ake auna shi, kuma da gaske haka kasuwa take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Layin buƙata shi ne ke nuna yawan cinikin da za a yi a kowane farashi, kuma wanda kake gani mai gwiwa ba layi ɗaya ba ne. Guntaye ne na layuka biyu da aka haɗa a wuri guda, kuma kowanne yana da nasa layin ƙarin kuɗin shiga, wato abin da ƙarin ciniki ɗaya ke ƙara wa kuɗin da ke shigo wa kamfani. A daidai gwiwar layukan buƙatar biyu sun haɗu, domin farashinsu ɗaya ne kuma yawan cinikinsu ɗaya. Amma layukan ƙarin kuɗin shigarsu ba su haɗu ba, domin gangaren layukan buƙatar biyu ya bambanta. Tazarar da ta rage tsakaninsu ita ce giɓin. Da alƙaluma za ka fi ganin abin, saboda haka bari mu ɗauki hanyar da ka sani.

A ce kamfanonin mota uku ne ke ɗaukar fasinja tsakanin Garwa da Marwa, kuma dukansu suna karɓar sefa 4,000. Alƙaluman nan na misali ne, na zaɓe su don lissafin ya fita sarai. Kai ne manajan ɗaya daga cikinsu, kana ɗaukar fasinja 200 a rana, wato sefa 800,000 ke shigo maka. Abin da duk zanen ya ratayu a kansa shi ne zaton da kake yi wa abokan takararka biyu. Kana ganin idan ka ƙara kuɗi ba za su bi ka ba, za su zauna a 4,000 su kwashe fasinjojin da suka guje ka. Idan kuma ka rage, kafin la'asar sun rage, don ba mai yarda a janye masa mutane yana kallo. Zaton hawa daban, na sauka daban, kuma ta kowane ɓangare kai ne a ƙasa.

Idan ka hau kai kaɗai, fasinja yana da inda za shi, tashar maƙwabcinka tana nan kusa. Mu ce duk ƙarin sefa 5 yana kore maka mutum ɗaya. Idan ka sauka, kowa ya sauka tare da kai, babu wanda za ka ƙwato daga hannun wani. Sabbin fasinjojin da za ka samu su ne kawai waɗanda da ba za su yi tafiyar ba sam, ko za su hau wata motar a bakin hanya, kuma ko su ɗin raba su za ku yi ku uku. Mu ce sai ka rage sefa 15 kafin ka sami ƙarin mutum ɗaya. Ga layukan biyu, P farashi, Q yawan fasinja:

```
Q ≤ 200 :  P = 5000 − 5Q
Q ≥ 200 :  P = 7000 − 15Q
```

Sa 200 a kowanne, 4,000 za ka samu. Nan ce gwiwar.

Yanzu ajiye zanen, ka tambayi kanka abin da fasinja ɗaya yake ƙara wa aljihun kamfanin. Ɗalibai da yawa suna cewa 4,000, tunda shi ne kuɗin tikiti. Ba haka ba ne, domin ba ka iya sauya yawan fasinja sai ka taɓa farashi, kuma farashin da ka taɓa ya shafi duk wanda ya hau motarka, ba sabon mutumin kaɗai ba. Gwada hawa da sefa 5. Fasinja 199 a kan 4,005 ya ba ka 796,995. Ka rasa mutum ɗaya, kuɗin shigarka ya ragu da kusan 3,000. Tikitinsa na 4,000 ya tafi, amma sefa biyar-biyar ɗin da sauran suka ƙara ya mayar maka da kusan 1,000. Ke nan fasinja na 200 darajarsa a wurinka 3,000 ce. Sai ka gwada sauka da sefa 15. Fasinja 201 a kan 3,985 ya ba ka 800,985. Ka sami mutum ɗaya, amma abin da ya ƙaru bai kai 1,000 cif ba, domin ragin sefa 15 da ka yi wa mutum 200 ya cinye 3,000 daga cikin kuɗin tikitin sabon. Fasinja na 200 yana kawo 3,000, na 201 yana kawo kusan 1,000. Tsakanin mutum biyu da ke jere a layin sayen tikiti, ƙarin kuɗin shiga ya faɗo da 2,000 a tashi ɗaya, bai bi ta 2,500 ko 1,800 ba. Abin da malaminku ya zana da ɗige-ɗige a tsaye ke nan.

A rubuce, idan layin buƙata miƙaƙƙe ne, layin ƙarin kuɗin shiga yana tashi daga wuri ɗaya da shi amma gangarensa ninki biyu ne. Zan rubuta shi Rm kamar yadda littattafanku na Faransanci suke yi, na Ingilishi kuwa MR suke sa wa:

```
Rm1 = 5000 − 10Q  →  Q = 200 : 3000
Rm2 = 7000 − 30Q  →  Q = 200 : 1000
Rm1 − Rm2 = Q × (b2 − b1) = 200 × (15 − 5) = 2000
```

Layi na ukun shi ne ma'aunin da ka nema. Tsawon giɓin daidai yake da yawan ciniki a gwiwar sau bambancin gangaren layukan buƙatar biyu, wato b2 da b1. Idan gangaren ya zama ɗaya, gwiwa ta miƙe, giɓi ya ɓace. Idan an ba ka tambayar da ma'aunin e, wato kashi nawa ciniki ke motsawa idan farashi ya motsa da kashi ɗaya, sai ka bi ta `Rm = P(1 − 1/e)`. A misalinmu e na sama 4 ne, na ƙasa 4/3, kuma za ka sake samun 3,000 da 1,000. Yana da kyau ka riƙa bin hanyoyin biyu a jarrabawa, ɗaya ta duba maka ɗaya.

To, mene ne haɗin giɓin da daskarewar farashi? Ƙa'idar da ka sani ita ce mai neman riba yana ƙara ciniki muddin abin da ƙarin ke kawowa ya fi abin da yake ci, ya tsaya inda Rm ya yi daidai da Cm, ƙarin kuɗin da ake kashewa. A harkar mota akwai ɗan tarko a nan, domin idan da kujera babu kowa, ɗora mutum ɗaya kusan ba ya cin komai. Amma ka san yadda tasha take, mota ba ta tashi sai ta cika. Saboda haka ƙarin fasinja a tsawon wata yana nufin ƙarin sawu, kuma za mu iya raba kuɗin sawu ɗaya da yawan kujeru. Mota mai kujera 20, sawu yana cin sefa 40,000 na mai da direba da yaron mota da kuɗin hanya da abin da taya da inji ke ci, Cm ya zama 2,000 a kan kowane mutum. Hayar tasha da albashin mai sayar da tikiti ba sa cikin wannan, domin ko ka ɗauki mutum 100 ko 300 sai ka biya su.

Da Cm a 2,000, duba ɓangarorin biyu. Duk fasinja har zuwa na 200 yana kawo aƙalla 3,000 yana cin 2,000, ba ka son rasa ko ɗaya. Na 201 yana kawo 1,000 yana cin 2,000, ba ka son sa. Sai ka tsaya a 200, a kan 4,000. Abin da ya rage maka bayan kuɗin sawu shi ne 2,000 sau 200, wato 400,000. Ka hau zuwa 4,500, fasinja ya koma 100, ya rage maka 250,000. Ka sauka zuwa 3,700, fasinja ya kai 220, ya rage maka 374,000. Ko ta ina ka motsa asara ce.

Yanzu mai ya yi tsada, sawu ya koma 56,000, Cm ya zama 2,800. Ka sake lissafin. A 4,000 ya rage maka 1,200 sau 200, wato 240,000. Ka ce bari in ƙara 100 kawai, fasinja ya koma 180, 1,300 sau 180 ya ba ka 234,000. Har yanzu zama a 4,000 ya fi. Kuɗin sawu ya tashi da kashi 40 cikin 100, farashin tikiti bai motsa da ko sefa ɗaya ba. Muddin kuɗin sawu yana tsakanin 20,000 da 60,000, wato Cm tsakanin 1,000 da 3,000, layin Cm yana ratsa giɓin ne, kuma amsar ba ta sauyawa. Abin kamar ƙofar zaure ne, dogo da gajere duk ta nan suke wucewa, sai wanda ya fi ƙofar tsawo ne zai sa a taɓa ginin.

Ka lura da wani abu da ake yawan mantawa, kuma ni a ganina ya fi zanen kansa muhimmanci. Farashi ne ya tsaya, ba riba ba. Abin da ke hannun kamfanin ya faɗo daga 400,000 zuwa 240,000, kuma daga cikin wannan ne za a biya haya da albashi da bashin motoci. Fasinja yana ganin kuɗin mota bai canza ba, ya ɗauka komai lafiya, alhali mai motar yana jinkirta canjin taya, yana matse kujera, yana sallamar yara. Daskararren farashi ba alamar kwanciyar hankali ba ne a kullum, wani lokaci wahalar ce take fita ta wata kafa.

Idan Cm ya tsallake bakin giɓin, farashi yana motsawa. A ce sawu ya kai 68,000, Cm ya zama 3,400. Yanzu layin Cm ya yanki Rm1 a samansa: 5000 − 10Q = 3400 ya ba da fasinja 160, farashi 4,200. Abin da ya rage 800 sau 160, wato 128,000, ya fi 120,000 da za ka samu idan ka nace a 4,000. Kuɗin kashewa ya wuce bakin giɓin da 400, farashi ya hau da 200, rabin wancan, kamar yadda aka saba a miƙaƙƙen layi. Ta ƙasa ma haka ne, sai Cm ya faɗo ƙasa da 1,000 kafin ragi ya biya. Kuma idan layin ƙasa ya fi haka tsayuwa, a ce sai ka rage sefa 25 kafin ka sami mutum ɗaya, Rm2 a gwiwar zai zama 4,000 a cire 5,000, ƙasa da sifili. A irin wannan hali ko kyauta ake ba ka mai, ba za ka rage kuɗin tikiti ba. Kada wannan ya ruɗe ka idan ka ga gindin giɓin ya nutse ƙarƙashin layin kwance a zane, ba kuskure ba ne.

Wurin zane, kuskure biyu nake yawan gani a takardun ɗalibai. Na farko, su haɗa guntayen Rm biyu da layi mai gangare, alhali giɓin a tsaye yake cak, daidai ƙarƙashin gwiwar, a kan Q ɗaya. Na biyu, su karanta farashi daga inda Cm ya ratsa giɓin, su ce farashi 2,000 ne. Inda Cm ya ratsa yana ba ka yawan ciniki ne kawai. Daga nan sai ka ɗaga ido sama har layin buƙata, can ne farashin yake.

Saura tambayarka ta ƙarshe, kuma a nan ina so ka yi taka-tsantsan. Tunanin ya fito a 1939 daga wurare biyu: Paul Sweezy a Amurka, da Hall da Hitch a Oxford, waɗanda suka yi hira da 'yan kasuwa 38 kan yadda suke sa farashi. Lokacin duniya tana fitowa daga babban karayar tattalin arziki na shekarun 1930, kuma masana suna mamakin yadda farashin wasu masana'antu ya ƙi sauka duk da ciniki ya mutu. Zanen ya ba da amsa mai kyan gani. Amma yana da rauni biyu manya.

Na farko, bai gaya maka yadda aka yi aka zo 4,000 ba. Ni ne na ajiye gwiwar a nan tun farkon misalin. Da na ajiye ta a 3,500 ko 4,500, lissafin zai nuna cewa can ma farashi zai daskare. Zanen yana bayyana dalilin zama, ba ya bayyana wurin zaman. Hall da Hitch sun cike wannan da abin da 'yan kasuwar suka gaya musu, cewa suna tara duk abin da kaya ya ci su ɗora riba a kai, kuma kowa yana ganin wannan shi ne farashin da ya dace. Sai dai wannan bayani daga wajen zanen ya zo.

Na biyu ya fi tsanani. A 1947 George Stigler ya bi tarihin farashi a masana'antun Amurka irin su taba sigari da motoci da ƙarfe, ya ga sau da yawa idan ɗaya ya ƙara farashi sauran suna bin sa, saɓanin zaton da gwiwar ta dogara a kai. Ya kuma ga farashin kayan da kamfani ɗaya tilo ke riƙe da su, kamar alminiyam da nikel a wancan zamani, ya fi na masu takara ƙalilan daskarewa. Wanda ba shi da abokin takara ba shi da gwiwa, to me ya daskarar da nasa farashin? Dole akwai wani dalili daban. Daga baya, a 1988, Maskin da Tirole sun nuna da lissafin wasan dabaru cewa hali mai kama da gwiwar yana iya fitowa tsakanin kamfanoni biyu da ke sauya farashi bi da bi, amma a wurinsu abin ya fi kusa da haɗin baki na shiru, inda tsoron yaƙin ragi ke riƙe farashi a sama.

Ni hukuncina shi ne zanen yana aiki a inda tsadar ta sami kamfani ɗaya, kuma yana rauni a inda ta sami kowa. Idan injin motocinka ne ya tsufa yana shan mai, maƙwabtanka ba su da dalilin bin ka sama, gwiwar tana nan daram. Amma ka tuna watan Fabrairun 2023, lokacin da gwamnatin Kamaru ta ɗaga litar man dizal daga sefa 575 zuwa 720, sannan a Fabrairun 2024 ta kai 828. Irin wannan tsada kowane mai mota ya ji ta rana ɗaya, kuma kowa ya san ɗan'uwansa ya ji ta. A nan zaton "ba za su bi ni ba" ya yi rauni, domin su ma neman wanda zai fara suke yi. Da zarar babba a cikinsu ya ɗaga, ko ƙungiya ta zauna ta yanke, tsohuwar gwiwar ta rushe, wata ta kafu a sabon farashi. Lissafin da muka yi na 56,000 daidai ne muddin zaton bai sauya ba, kuma tsadar da ta game kowa ita ce ta fi iya sauya shi.

Saboda haka idan ka ga farashi ya daɗe bai motsa ba a kasuwar Marwa ko Garwa, kada ka yi saurin cewa gwiwa ce. Farashin mai a gidan mai gwamnati ce ke yanke shi, babu ruwansa da Sweezy. Wani farashin ƙungiya ce ta tsayar, wannan yarjejeniya ce a fili. Wani kuma matsalar canji ce: inda ƙananan kuɗi ke wuya, mai tikiti ba zai sa 4,150 ba, zai jira har tsada ta isa ya tsallaka zuwa 4,500 gaba ɗaya. Duk waɗannan suna haifar da daskarewa ba tare da giɓi ba. Abin da zai nuna maka gwiwa ta gaske shi ne tarihin motsi. Ka tambayi tsofaffin tasha: an taɓa samun wanda ya ƙara shi kaɗai, sauran suka ƙi bi, har ya dawo da kansa? An taɓa samun wanda ya rage, sauran suka bi shi nan take? Sai amsoshin biyu sun zama e kafin ka ce zanen ya dace da wurin. Idan ana bin ragi kuma ana bin ƙari, jagorancin farashi kake gani, wani babi ne daban.

Akwai kuma lokacin da gwiwar ke juyewa, kuma kai da kake tafiya gida hutu ka sha ganin sa. Ana gobe Sallah motoci duk sun cika, mutane na tsaye da kaya a tasha. Idan ka ƙara kuɗi, maƙwabcinka ba shi da kujerar da zai ɗora waɗanda suka bar ka, saboda haka bin ka zai yi. Idan ka rage, ba zai kula ka ba, tunda motarsa cike take. Mayar da alƙalumanmu a juye: yanzu hawa ne ke da gangaren 15, sauka ke da na 5. Rasa fasinja ɗaya ta hanyar ƙari yana rage maka kusan 1,000 na kuɗin shiga amma yana sauke maka 2,000 na kuɗin sawu, riba ce. Samun ɗaya ta hanyar ragi yana kawo 3,000 yana cin 2,000, shi ma riba ne, in da kana da motar da za ka ɗora shi. Layin Rm a nan tsalle yake yi sama maimakon faɗowa, kuma 4,000 ya zama wurin da ba mai son zama a cikinsa. Tunda motar ƙari babu, hanya ɗaya ce ta rage wa kowa, ita ce hawa.